Gyaran aikin gida: matsin osmoz na ruwan gishirin asibiti

Ɗalibaina na ajin jinya a nan Tawa, na duba takardunku kan lissafin matsin osmoz na ruwan gishirin asibiti a zafin jikin mutum, digiri 37. Matsin osmoz shi ne ƙarfin da ke jan ruwa ya ratsa tantani zuwa gefen da narkakkun ƙwayoyi suka fi yawa. Da yawa kun samu 3,9 atm, wasu ma 0,94. Duka biyun kuskure ne, to mu sake bi tare.

A jikin ledar ƙarin ruwa an rubuta NaCl 0,9 %, wato giram 9 na gishiri a cikin lita ɗaya. Nauyin mol ɗaya na NaCl giram 58,44 ne, saboda haka M = 9 ÷ 58,44 = 0,154 mol/L. Sai mu ɗauko ƙa'idar van 't Hoff, masanin Holand ɗin nan da ya fara samun kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1901:

π = i × M × R × T
A nan π shi ne matsin osmoz, i yawan kashin da gishiri ke rabewa in ya narke, R lamba ce da ba ta canzawa, T kuma zafi.
π = 2 × 0,154 × 0,0821 × 310 ≈ 7,8 atm

Masu 3,9 sun manta da i. Gishiri in ya narke rabewa yake yi biyu, Na⁺ da Cl⁻, shi kuwa osmoz yawan ƙwayoyi yake ƙirgawa, ba ruwansa da nauyinsu. Masu 0,94 kuma 37 suka sa a gurbin T, alhali da Kelbin ake lissafin: 37 + 273 = 310.

Kada ku raina 7,8 atm, ya ninka iskar tayar ƙaramar mota wajen sau uku. Abin da ya hana jar ƙwayar jini fashewa shi ne ƙarfin cikinta da na wajenta sun yi kunnen doki. In aka ƙirga ƙwayoyin da suka narke a ciki, ruwan jini yana tsakanin 275 da 295 mOsm/kg. Ledarmu a takarda 308 mOsm/L ce, amma da yake Na⁺ da Cl⁻ suna ɗan jan juna, a zahiri tana sauka wajen 286. Kun ga ta faɗa tsakiya.

Ku tuna waken da aka jiƙa ya kwana, yadda yake kumbura. Haka ƙwayar jini take yi in aka ɗura tsurar ruwa a jijiya: ruwa ya ratsa tantaninta ya shiga, ta kumbura ta fashe, sinadarin cikinta ya watsu a jini har ya iya lalata ƙoda. In kuwa gishirin ya yi yawa, sai ta zama kamar yankakken tumatir da aka barbaɗa wa gishiri, ta zubar da ruwanta ta yamutse. Shi ya sa NaCl 3 % sai da umarnin likita da sa ido.

Saura abin da lissafin ba ya nunawa. Tonisite, wato abin da ke nuna ko ƙwayar jini za ta kumbura ko ta yamutse a cikin ruwa, tana duba ƙwayoyin da ba sa ratsa tantani ne kawai. Ruwan gulukos 5 % yana da kusan 278 mOsm/L a leda, amma da zarar jiki ya ƙone sukarin, tsurar ruwa ya rage. Kada wanda ya ɗauke shi a madadin ruwan gishiri ga mai gudawa da ya bushe.

Ranar Litinin ku zo mini da π na gulukos 5 % a 310 K. Nauyin mol ɗinsa giram 180 ne, kuma ku yi tunani sosai kafin ku rubuta i.