Safiyoyin Hunturu a Kano

Hazo ya rufe Dutsen Dala, ga rana can fara fat kamar faifan azurfa, har ana iya kallonta ido da ido.

Iskar arewa maso gabas ta kwaso ƙurar Sahara, ta shafa wa gari hoda ba tare da ta nemi izini ba.

Yatsana ya rubuta sunanki a ƙurar gilashin mota. Kafin hantsi wata ƙurar ta binne shi.

Leɓe ya tsage, kaushi ya farka. Ina man kaɗanya?

Ladan ya kira asuba, bargo ya ce a'a, ruwan buta kuwa sai ka ce ƙanƙara. Mun dai yi alwala muna karkarwa, haƙora na kaɗa kalangu.

Almajirai sun kewaye wutar kara, tafukan hannu a buɗe, hayaƙi na haɗewa da hazo.

Disamba, sannu da zuwa.