Tsarin montaji a takarda: fim ɗin ruwan Damagaram, minti 26

Zuwa ga mataimakan montaji biyu da mai ɗaukar sauti, daga mai tacewa da darakta.

Hirarraki tara ne a hannunmu, jimillarsu awa 7 da minti 40, ga kuma kusan awa 5 na hotunan gari. Fim ɗin da aka nema minti 26 ne cif, har da sunayen ƙarshe. A ciki, maganar baki ba za ta wuce minti 17 ba. Minti 8 na hoto ne da sautinsa na asali, minti 1 na sunaye. Ke nan daga kowane minti 27 da aka faɗa mana, ɗaya kawai zai shiga. Shi ya sa ba wanda zai jera komai a kan layin montaji sai labarin ya tsaya da ƙafarsa a jikin bango. Takarda ba ta jiran wuta, kuma ɗaga kati daga wannan wuri zuwa wancan bai kai daƙiƙa biyu ba, alhali a cikin na'ura sai ya ci rabin yini.

Kowane mai magana yana da harafinsa, da shi za mu riƙa kiransa a kati. A ita ce Iya, tsohuwar da muka ɗauka a zauren gidansu a Birni. B mai ga-ruwa ne na Zango. C da D matan aure ne biyu na sabbin unguwannin bakin gari. E tsohon ma'aikacin ruwa ne da ya yi ritaya. F malamin tarihi, G ɗalibar jami'a, H mai wanki da guga, I kuma mai lambu a hanyar Mirriya.

Kafin a taɓa takarda

A fara daidaita sunayen fayiloli. Kamarar tana komawa C0001 duk lokacin da aka goge katinta, don haka muna da C0001.MP4 har guda huɗu a faifai ɗaya, kowanne da mutum dabam. A sake musu suna yanzu, kafin a shigar da su cikin DaVinci Resolve. In aka sake bayan an shigar, allon zai cika da Media Offline, a koma nemansu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a fitar da ƙaramin kwafi na kowace hira da lambar lokaci rubuce a jikin hoton, a zuba a waya. Da wannan kwafin za a rubuta hira, ba da agogon manhajar kallo ba, domin agogon manhajar daga sifili yake farawa, lambar kamara kuwa ba lalle ba. Bambancin daƙiƙa goma ya isa ya sa a yanko tambaya a maimakon amsa.

A rubuta magana yadda aka faɗe ta, da karin Damagaram ɗinta, da maimaicinta, da "to", da "ka gane". Kada a gyara wa Iya Hausarta a takarda. Jimlar da aka gyara tana yin kyau a kati, amma ranar yanka za a tarar babu ita a bakin mai ita. A sa lambar lokaci a farkon kowace amsa, a sake sawa duk bayan daƙiƙa 30 in amsar ta yi tsawo. A gefe a rubuta abin da kunne ya ji: kiran sallah, kabu-kabu, zakara, injin niƙa. Minti 10 na hira yakan ci kusan awa ɗaya wajen rubutawa, saboda haka mutum biyu su raba: ɗaya A zuwa D, ɗaya E zuwa I. Mun ba wannan aiki kwana shida.

Katin

A yanka farar takarda A4 gida huɗu. Kati ɗaya, magana ɗaya. In amsa ta ƙunshi tunani biyu, kati biyu ne ko da a numfashi ɗaya aka faɗe su. Layin sama haka yake:

```
B | ZND_B_02.MP4 | 00:14:32:10 - 00:15:01:00 | 29s
```

A ƙarƙashinsa a rubuta kalmomi biyar na farko da biyar na ƙarshe daidai yadda suka fito, sai ma'anar a layi ɗaya da babban rubutu, wanda mutum zai iya karantawa yana tsaye nesa da bango. A kusurwar dama a sa tauraro: uku ga maganar da fim ba zai yi ba sai da ita, biyu ga mai kyau, ɗaya ga wadda bayani kawai take bayarwa. A kusurwar hagu a ja jan layi idan sauti ko hoto yana da matsala. Muna sa ran kati wajen 120. Waɗanda za su tsira ba za su wuce 35 ba.

A lura da ƙarshen jimla. Mai ga-ruwa yana da ɗabi'ar ɗaga murya a ƙarshe ya zarce cikin wata magana ba tare da ya huta ba. A takarda kamar ya sa aya, a kunne kuwa bai sa ba, kuma in aka yanke a nan kowa zai ji an katse shi. Duk katin da haka ta faru a rubuta masa "ba ya sauka".

Jigogi da jerinsu

Da farko a baza katunan a tabarma, a tara su bisa abin da suke faɗa, ba bisa wanda ya faɗa ba, ba kuma bisa jerin tambayoyinmu ba. Daga sauraren farko mun ga tuli biyar. Wanda ya fi nauyi shi ne dare: mutum shida cikin tara sun yi maganar tashi tsakar dare jiran famfo, ba tare da mun tambaye su ba. A kansa muka ɗora fim ɗin. Tambayar da za a manna a saman bango ita ce: wa ke biyan ruwan garin nan da barcinsa? Katin da bai taɓa wannan tambaya ta wata fuska ba, komai daɗinsa, gefe zai koma.

Buɗewa, minti 1 da rabi. Babu magana a daƙiƙa 40 na farko: layin jarkoki a bakin famfo da hasken tocila, ƙarar iska a cikin bututu. Sai muryar C ta shigo kafin a ga fuskarta, inda take cewa da kunne take barci, ba da ido ba.

Kashi na ɗaya, dare, minti 5 da rabi. C, D, sai G. C da D kusan abu ɗaya suke faɗa, don haka ba za mu jera su a kan magana guda ba. C ta ɗauki jira, D ta ɗauki abin da ke biyo baya da safe: yara sun makara makaranta, tuwo bai sauka da wuri ba. G tana da kati mai tauraro uku a kan karatun jarrabawa a bakin famfo, amma injin niƙa ya shiga rabinsa. A yi amfani da daƙiƙa 12 na farko kawai.

Kashi na biyu, kuɗi, minti 5. B da H. Nan ne fim zai iya karkacewa. In muka sa kukan matan kan tsadar jarka sannan fuskar mai ga-ruwa ta biyo nan take, mun mai da shi mai laifi ba tare da kowa ya ce haka ba. Saboda haka a fara ganinsa yana tura kura a hawa, a ji shi yana lissafin abin da yake biya a famfo da hayar kura, sannan maganar farashi ta zo. Duk kuɗin da aka ambata da dala aka faɗe shi. Mai rubuta fassarar Faransanci a ƙasan hoto ya ninka da biyar, dala 20 ta zama 100.

Kashi na uku, dutse da tarihi, minti 4. F da A. Malamin tarihi ya yi mana minti 50, tun daga zamanin Sarki Tanimun, kuma yawancinsa na wani fim ne dabam. Abu biyu muke so a bakinsa: cewa garin a kan dutse yake zaune, wanda ba ya riƙe ruwa mai yawa, da kuma mayar da babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926, wanda ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa. Sauran Iya za ta ɗauka da labarin rijiyoyi da tabkuna na ƙuruciyarta. Darakta ya so wannan kashi ya buɗe fim. Mun gwada a tabarma, sai muka ga mai kallo zai yi minti huɗu yana sauraren darasi kafin ya san wanda ke shan wahalar, shi ya sa ya dawo tsakiya.

Kashi na huɗu, gardama, minti 6. E yana bayanin yadda ake turo ruwa daga rijiyoyin Gogo, Macaya da Arunguza, da yadda unguwannin kan tudu da na ƙarshen bututu suke samu a ƙarshe idan ƙarfin ruwa ya ragu. D ba ta yarda da wannan ba, ta ce rabo ne ba a yi da adalci. A bar su biyun su faɗi nasu cikakke. Amma kada a yanka su kamar suna amsa wa juna, don ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Tsakanin katinsa da nata a sa hoto na aƙalla daƙiƙa 6. Akwai kuma wurin da D ta kama sunan wani mutum tana zarginsa. Wannan kati ba zai shiga ba, ba mu da ta bakinsa.

Kashi na biyar, damina, minti 3. I da A, sai B yana faɗar abin da yake yi idan ruwa ya sauka ciniki ya faɗi. Wannan kashi shi ne mafi rauni. An yi ɗauka a Afrilu da Mayu, ba mu da hoton ruwan sama ko ɗaya. Ko dai a jira Yuli a ɗauko, ko a rage shi zuwa minti 1 da rabi a ƙara wa kashi na ɗaya. Darakta zai yanke ranar da za a karanta bango.

A bango

Kowane kashi layi ɗaya ne daga sama zuwa ƙasa, a manna da salatif na takarda don a iya ɗagawa. Fararen kati magana ne, shuɗaye hoto. Duk inda fararen kati biyu na mutum ɗaya suka haɗu, dole shuɗi ya shiga tsakani ko a tabbatar girman hoton ya bambanta, in ba haka ba kansa zai yi tsalle a allo. Inda ba mu da hoton rufewa a manna katin da ba komai a kansa. Adadinsu shi ne jerin abin da za a koma ɗauka. Hoton cunkoson kasuwar Dole sai ranar Alhamis, a sa wannan a lissafi.

A ƙasan kowane layi a tara daƙiƙoƙi da fensir. Jerin farko zai iya kai minti 35, ba laifi. In ya haura 40, a koma tabarma. A ƙara daƙiƙa 2 gaba da bayan kowane kati a lissafi, don numfashi da wurin haɗa sauti.

Ranar Asabar bayan la'asar za a karanta bangon da murya, daga katin farko zuwa na ƙarshe, da agogo a hannu, a gaban mutum ɗaya da bai ga hirarrakin ba. Duk inda ya ce "wa ke magana?" ko "ai an faɗi wannan", a sa alama. Bayan gyara a ba katunan lamba 1 zuwa ƙarshe, a ɗauki hoton bangon da waya, a rufe taga da dare saboda iska. Litinin za a fara jera sauti kaɗai bisa lambobin, a saurara ido a rufe, sannan a ɗora hoto. Katunan da aka cire a ɗaure su da roba, kowane jigo dabam, a ajiye a ambulan har sai an miƙa fim.