Takardar Neman Izinin Yanko Wani Ɓangare na Darasin da Aka Naɗa

Sashen Tarihi,
Jami'ar Bayero, Kano.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Malamin Darasin Tarihin Ƙasar Hausa,
Sashen Tarihi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Malam yana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali. Ni ɗalibarka ce a aji uku, kuma na rubuto ne domin neman izininka game da darasin ranar Talata, 8 ga Oktoba, wanda wakilin ajinmu ya naɗa a bidiyo bisa sharaɗin da ka gindaya cewa kada ya fita daga hannun 'yan aji.

Abin da nake roƙo shi ne ka yarje mini in yanko minti 12 kacal daga ciki, wato daga minti na 34 zuwa na 46, inda ka yi bayanin mulkin Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499. A wannan gaɓa ce ka nuna yadda faɗaɗa ganuwa, da kafa Kasuwar Kurmi, da gina Gidan Rumfa, da zuwan Shehu Al-Maghili suke da alaƙa da juna, alhali mu a da haddace su muke yi ɗaya bayan ɗaya domin jarrabawa kawai. A ganina, duk wanda zai taƙaita wannan bayani da bakinsa sai ya rage masa armashi, shi ya sa na fi son a ji shi daga bakinka.

Waɗanda nake so su amfana su ne ɗaliban aji biyu da muke yi wa bita a ranakun Asabar, su 25, kuma ta zaurenmu na WhatsApp kaɗai zan tura musu, tare da gargaɗin kada su yaɗa. Ba zan ɓoye wa Malam ba cewa abin da ya shiga waya yana da wuyar tsarewa, don haka idan ka fi so, sai in nuna musu shi a kwamfutata lokacin bita ba tare da na ba kowa kwafi ba.

Na yi alkawarin ba zan sauya maganarka ko in haɗa ta da wata ba, ba zan nemi kuɗi da ita ba, kuma zan rubuta sunanka da ranar darasin a farkon bidiyon. Akwai tambayoyi biyu da 'yan ajinmu suka yi a tsakiya, waɗanda zan cire sai dai in masu su sun amince. Haka kuma taswirar ganuwa da ka ce tana cikin binciken da ba ka kai ga wallafawa ba, zan rufe ta idan ka umarce ni.

A shirye nake in kawo maka abin da na yanko ofis ka duba kafin kowa ya gani, kuma idan Malam bai ga dacewar hakan ba, zan bar maganar baki ɗaya.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira.

Ɗalibarka mai biyayya,
Hadiza Usman
Aji Uku, Sashen Tarihi