Saƙo ga Mahaifin Usman Kan Makin da Ya Rage Masa a Lissafi

Litinin, 27 ga Oktoba

Assalamu alaikum Alhaji,

Barka da yamma. Ya gida, ya kasuwa, ya su Hajiya da yara? Da fatan kowa yana lafiya. Malam Sani ne, malamin lissafin su Usman na aji biyu a ƙaramar sakandare. Ranar Alhamis da ka zo ɗaukarsa ka tambaye ni ko akwai sauran dama ya ci wannan zangon, na ce ka bari in duba littafin maki tukuna, don ban so in ba ka amsar tsaye a bakin ƙofa. To na duba. Akwai dama, kuma ba ƙarama ba ce, sai dai akwai wani lissafi da nake so ka gani da idonka.

Makin zango gaba ɗaya 100 ne. Gwaji na farko yana da 15, aikin gida 10, gwaji na biyu 15, sai babbar jarrabawar ƙarshen zango mai 60. Makaranta ta sa 50 a matsayin makin ci. Usman ya samu 5 a gwajin farko, ya samu 6 a aikin gida, ke nan yanzu yana riƙe da 11 cikin 25 da aka riga aka yi. Idan aka cire 11 daga 50, saura 39. Wannan 39 ɗin ita zai nemo daga gwaji na biyu da babbar jarrabawa, waɗanda a haɗe suke da maki 75.

Ga inda nake so ka tsaya, ranka ya daɗe. Shi Usman ya ce mini idan ya ci rabi a kowanne ai shi ke nan. Ba haka ba ne. A ce ya samu 8 cikin 15, wanda ya ɗan haura rabi ma, sannan ya samu 30 cikin 60. Ka haɗa 11 da 8 da 30, za ka ga 49. Ya faɗi da maki ɗaya tak. Giɓin da ya bari a baya ne yake binsa bashi, don haka rabi ba zai fisshe shi ba.

Yadda abin yake shi ne, duk abin da ya samu a gwaji na biyu, a cire shi daga 39, abin da ya rage shi zai nema a babbar jarrabawa:

Idan ya samu 5 kamar na baya, sai ya kawo 34 cikin 60.
Idan ya samu 8, sai ya kawo 31.
Idan ya samu 10, sai ya kawo 29.
Idan ya samu 12, sai ya kawo 27.
Idan Allah ya ba shi 15 cif, 24 ta ishe shi.

Idan kuwa ya yi fashi ranar gwajin ba tare da uzurin da makaranta ta karɓa ba, dukan 39 ɗin za ta koma kan babbar jarrabawa, kuma wannan nauyi ne da ba na so ya hau kan yaron. Za a yi gwaji na biyu ranar Talata 11 ga Nuwamba, babbar jarrabawar lissafi kuma ranar Laraba 3 ga Disamba. Don Allah ko da tafiya ta taso ko biki, a kiyaye masa waɗannan ranaku biyu.

Ni dai abin da na sa masa a gaba shi ne 10 a gwaji, 35 a jarrabawa. Hakan zai kai shi 56. Ban so ya nufi 50 daidai, saboda a ɗakin jarrabawa ba a rasa ɗan kuskure, wanda ya auna bakin layi kuwa sau da yawa ƙasa da shi yake sauka.

Ba don in kwantar maka da hankali nake cewa zai iya ba. Takardarsa ta gwajin farko tana gabana yanzu haka. Tambaya biyar ce, kowacce maki 3. Ta farko kan riba da faɗuwa ce, ɗan kasuwa ya sayi kaya naira 8,000 ya sayar 10,000, a nemo ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari. Ya kawo 25, ya nuna aikinsa tsaf, na ba shi makinsa duka. Na san zaman shagon da yake yi a wurinka ranar Asabar bai tafi a banza ba. Tambaya ta biyu da ta uku na aljabara ne, kuma kuskure ɗaya ya maimaita a dukansu. An ba shi 2x − 5 = 11. Maimakon ya ƙara 5 a kan 11 ya samu 16, sai ya cire ta ya samu 6, ya ce x = 3, alhali amsar 8 ce. Ya san hanyar, alamar ce kawai take rikita shi, shi ya sa na ba shi maki ɗai-ɗai. A ta huɗu aka ce ya haɗa rabi da sulusi, sai ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya rubuta 2/5 a inda ya kamata ya rubuta 5/6. Ta biyar ko taɓa ta bai yi ba, lokaci ya ƙure masa. Da alamar nan kaɗai ya kiyaye, da 9 ya samu ba 5 ba, da yau 35 muke nema.

Maganar aikin gida ita ta fi damuna. Na ba da guda biyar, kowanne maki 2. Uku ya kawo, kuma duka ukun ya ci su cif. Sauran biyun bai kawo ba, maki 4 suka tafi haka nan. An riga an rufe wannan shafin, na miƙa wa ofis, ba kuma zan buɗe wa yaro ɗaya in bar sauran 'yan ajin ba. Na san za ka fahimce ni.

Daga gobe zan riƙa zama da shi da wasu yara huɗu duk Talata da Alhamis lokacin tara, minti 20, ba ko sisi. Aljabara da haɗa kaso za mu sa a gaba, don su ne za su fi yawa a gwaji na biyu, kuma za su sake fitowa a babbar jarrabawa. Kullum zan rubuta masa tambaya biyar a bayan littafinsa. Abin da nake roƙo a gida shi ne a ba shi rabin awa bayan sallar magariba ko isha'i, idan ya huta daga Islamiyya, ya zauna ya yi su ba waya ba talabijin. Ba sai ka duba ko daidai ne ba, wannan aikina ne. Ka ga dai ya yi biyar ɗin, ka sa hannu a ƙasa. Idan ba ka nan, Hajiya ko yayarsa su sa. Ka kuma riƙa tuna masa ya rubuta kowane mataki na aikinsa, domin 40 daga cikin 60 na babbar jarrabawa na tambayoyin da ake nuna aiki ne, kuma muna ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure.

Abu na ƙarshe, Alhaji, a bi shi a hankali. Tun ranar da na raba takardu ya daina ɗaga hannu a aji, shi da a da yake rige-rigen fitowa allo. Ka nuna masa saƙon nan ya ga lambobin da kansa, ya ga 39 ake nema ba 75 ba.

In sha Allah zan gama duba gwaji na biyu kafin Juma'a 14 ga Nuwamba, a ranar zan aiko maka da abin da ya samu da kuma adadin da ya rage masa. Idan kana son ganin takardar tasa, ina makaranta kullum har ƙarfe 2 na rana. A gaida mutanen gida.

Wassalam,
Malam Sani
Malamin Lissafi, Aji Biyu