Sharhin Littattafai Kan Koyar da Karatun Farko: Sautin Haruffa Ko Haddar Kalma?

Mun tsara wannan sharhi domin ɗaliban ajin ƙarshe na Sashen Ilimin Firamare da za su fita gwajin koyarwa. Hanyoyi biyu ake muhawara a kansu: a koya wa yaro sautin kowane harafi da yadda ake haɗa su, ko a nuna masa kalma ɗungurungum ya haddace siffarta. Kusan duk binciken a kan Ingilishi aka yi shi, don haka a karanta da lura.

Jeanne Chall, Learning to Read: The Great Debate, 1967.
Da wannan za a fara. Chall ta bi binciken da aka yi na kimanin shekara hamsin, ta duba littattafan aji, ta kuma shiga azuzuwa da kanta. Ta gano cewa yaran da aka fara musu da sauti sun fi iya gane kalma da rubuta ta, musamman masu rauni. Sai dai ba ta ce a yi ta maimaita sauti har ajin ƙarshe ba. Aikin matakin farko ne.

Kenneth Goodman, "Reading: A Psycholinguistic Guessing Game", 1967.
Hujjar ɗaya ɓangaren ke nan: wai mai karatu yana hasashen kalma ne daga ma'anar jimla, haruffa kuma ɗan tallafi ne kawai. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akasin haka, domin masu rauni ne suka fi dogara da canke. Amma a karanta shi, don a gane inda al'adar "dubi hoton ka faɗa" ta samo gindin zama.

National Reading Panel, Teaching Children to Read, 2000.
Kwamitin Amurka da ya tattara bincike 38 kan koyar da sauti. Sakamako: koyarwa bi-da-bi, bisa tsari, ta fi ta jefi-jefi, kuma amfaninta ya fi yawa idan aka fara da wuri, a rabin aji da aji ɗaya. Abin da ake yawan mantawa shi ne ginshiƙai biyar rahoton ya kawo: rarrabe sautuka da kunne, haɗa sauti da harafi, karatu ba gargada, tarin kalmomi, da fahimta.

Rhona Johnston da Joyce Watson, rahoton Clackmannanshire, 2005.
Wannan ya fi kowanne amfani ga mai riƙe da alli. Yara kusan 300 a Sikotilan, minti 20 kullum na mako 16, sannan aka bibiye su shekara bakwai. Ana koyar da 'yan haruffa kaɗan, nan take a fara haɗa su a gina kalma. A ƙarshen firamare, karatun kalmominsu ya wuce na sa'anninsu da shekara uku da rabi, amma a fahimta ratar wata uku da rabi ce kacal. Wato sauti yana buɗe kalma, ba ya ba da ma'anarta. An kuma soki tsarin binciken, tunda daga baya duk yaran an koyar da su da hanya ɗaya, babu rukunin da za a ci gaba da kwatantawa.

Seymour, Aro da Erskine, "Foundation Literacy Acquisition in European Orthographies", 2003.
Sun kwatanta rubutun harsunan Turai 13. Inda harafi ke tafiya da sauti guda, kamar Finlanci da Italiyanci, yawancin yara kan iya karanta kalmomi kafin ƙarshen shekarar farko. Masu Ingilishi kan ɗauki fiye da ninki biyu. Boko ya fi kusa da rukunin farko, saboda haka hujjar haddar kalma ba ta da ƙarfi a Hausa. Matsalarmu daban ce: baƙaƙe masu lanƙwasa ɓ, ɗ, ƙ, da masu goyo irin su sh, ts, ky, gw, sai kuma tsawon wasali da karin sauti da ba a rubutawa. "Gari" na zama da "gari" na tuwo, jimla ce kaɗai ke raba su.

Castles, Rastle da Nation, "Ending the Reading Wars", 2018.
Na ƙarshe a karantawa. Sun yarda sauti ne tushe, sun kuma nuna cewa gane kalma da kallo ɗaya yana zuwa ne ta hanyar yawan karatu bayan yaro ya iya haɗa baƙi. Ba su hana koyar da 'yan kalmomin Ingilishi masu saɓa ƙa'ida kai tsaye ba.

Rahotannin RARA, Bauci da Sakkwato, 2014 zuwa 2015.
Gwaji ne na karatun Hausa a aji biyu, da jagoran malami da littafin ɗalibi. A haɗa da littattafan Mu Karanta! domin ganin jerin darasi. A gwajin koyarwa a kula da kurakurai biyu. Na farko, kiran sunan harafi da Turanci, "bi" ko "si", maimakon sautinsa, sai yaro ya kasa haɗa b da a su ba shi "ba". Na biyu, amshi: aji ya rera abin da ke allo baki ɗaya, alhali rabinsu muryar na kusa suke bi. A ɗauki yara biyar ɗaya bayan ɗaya, a ba kowa ƙagaggun kalmomi goma irin su "zuli" da "nefo". Wanda ya kasa karanta rabinsu a mayar da shi darasin haɗa gaɓa.