Wasiƙar neman fatawa a rubuce kan cinikin shinkafa kafin girbi

Kura, Jihar Kano
Litinin, 20 ga Janairu, 2025

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Malam, Allah ya gafarta masa, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da ban girma, da tambayar lafiyar iyali da almajirai, muna neman Malam ya duba mana wata mu'amala ta kasuwanci, ya ba mu hukuncinta a rubuce. Mu biyu da muka sa hannu a ƙasa mu ne shaidun cinikin, ɗayanmu kuma shi ya rubuta takardar yarjejeniyar. Ba mu da ko kwabo a ciki. Mun ɓoye sunayen masu al'amarin da gangan don kada sanayya ta shiga, za mu riƙa cewa mai kuɗi da manomi. An karanta wa kowannensu wasiƙar nan a gaban ɗan'uwansa, kowa ya gyara abin da ya ga ba haka yake ba. Inda bakinsu ya zo ɗaya mun rubuta shi kai tsaye, inda suka saɓa kuma mun kawo maganar kowa.

Ranar Asabar, 8 ga Yuni, 2024, kwanaki kaɗan kafin Babbar Sallah, aka ƙulla cinikin a shagon mai kuɗi. Manomi yana da gonar shinkafa ta kimanin hekta 3 a yankin Kadawa, yana buƙatar kuɗin huɗa da dashe da taki. Mai kuɗi yana sayen shanshera yana kai wa masu injin casa. Ga abin da aka rubuta a takarda, kalma da kalma:

"Na sayar masa da shanshera buhu 100, jamila, 'yar gonata, a kan naira 45,000 kowane buhu, jimla naira 4,500,000. Zan kawo masa shago daga nan zuwa 30 ga Nuwamba, 2024, in Allah ya yarda."

Iyakar abin da ke ciki ke nan, sai sa hannu. Ba a ambaci kilo ba, ba a ambaci bushewa ba, ba a faɗi ranar da za a cika kuɗin ba, ba a kuma ce komai a kan abin da za a yi in gona ta gaza ba.

Kuɗin bai shiga hannun manomi lokaci guda ba. A ranar cinikin mai kuɗi ya tura masa naira 2,500,000 ta banki, akwai shaidar turawa. Ranar 20 ga Yuni, wato bayan kwana 12, ya aika masa da takin yuriya buhu 25, aka lissafa kowanne a kan naira 40,000, ya kama naira 1,000,000. Sauran naira 1,000,000 ya biya ranar 15 ga Yuli, kwana 37 bayan ciniki. Mai kuɗi ya ce tun a zaman farko an fahimci juna da baki cewa kashi-kashi za a biya, kuma manomi ne da kansa ya nemi a ba shi taki maimakon kuɗi. Manomi ya yarda shi ya nemi takin, amma ya ce bai san a kan nawa za a lissafa masa ba sai da motar ta sauke, kuma a ranar ana sayar da shi naira 36,000 a kasuwa. Mai kuɗi ya ce naira 38,000 ya saya, ya ɗora kuɗin mota da na 'yan dako da 'yar riba. Game da jinkirin kashi na ƙarshe, manomi ya ce shi a saninsa cikin mako guda za a cika masa. Mu shaidu mun tuna an yi maganar taki a zaman, ba mu tuna an yanka farashinsa ba, ba mu kuma tuna an sa rana ba.

Akwai jingina. Manomi ya ajiye injin ban ruwa guda ɗaya a wurin mai kuɗi. Mai kuɗi ya ba wani ƙaninsa ya yi aiki da shi na kusan mako uku a watan Disamba. Ya ce ya gaya wa manomi ta waya, manomi ya ce bayan an ɗauka aka gaya masa, shi kuma ya yi shiru. Injin bai lalace ba, ba a kuma karɓi kuɗin haya ba.

Cikin watan Agusta ruwa ya yi yawa, magudanar da ke gefen gonar ta ɓalle, kusan kashi ɗaya cikin uku na shukar ya kwana biyar a ƙarƙashin ruwa. Duka ɓangarorin sun yarda ba sakacin manomi ba ne, mai kuɗi ma ya je ya gani da idonsa. Manomi yana sa ran buhu 130, ya samu 78. Ranar Alhamis, 5 ga Disamba, kwana biyar bayan wa'adi, ya kai buhu 60. Ya riƙe 18, ya ce a ciki zai fid da zakka, ya ajiye iri, sauran kuma abincin gida ne. Mai kuɗi ya karɓi sittin ɗin bai yi maganar jinkirin kwana biyar ba.

A kan awo aka fi ja-in-ja, don haka za mu ɗan tsawaita. Da aka ɗora buhunan a sikelin masu injin casa, jimlarsu ta ba da kilo 4,560, wato kilo 76 kowane buhu in an raba. Mai kuɗi ya ce a wurin 'yan kasuwar shanshera buhu kilo 80 ne, kuma da wannan lissafin ya saya, saboda haka abin da ya karɓa buhu 57 ne, yana bin 43. Manomi ya ce shi bai taɓa sayar da shinkafa da sikeli ba. A wurinsu buhu shi ne a cika shi a girgiza, a sake cikawa a ɗinke baki, kuma haka ya yi, saboda haka 40 ake bin sa. Mun tambayi dillalai uku na yankin. Biyu sun ce a bakin gona cika da ɗinki ake yi, ɗaya ya ce duk wanda ya san kayan injin casa za su tafi ya san da sikeli za a karɓa. Manomi bai musa cewa ya san inda kayan za su ba.

Sai batun danshi. Na'urar masu injin ta nuna kashi 17 cikin ɗari, su kuma 14 suke karɓa ba tare da ragi ba, domin shanshera mai danshi tana raguwa in ta bushe, tana kuma iya yin fumfuna a ajiya. Sun zabtare wa mai kuɗi naira 120,000 saboda haka. Yana ganin manomi ne ya kamata ya ɗauki wannan asara. Manomi ya ce ya shanya ta kwana uku a kan tamfol kamar yadda kowa ke yi, mai kuɗi kuma ya soka buhu huɗu, ya ciji ƙwayar da haƙori, ya ce ta yi, sannan aka sauke. Mai kuɗi ya tabbatar ya yi hakan, amma ya ce haƙori ba na'ura ba ne.

Wani abu kuma da mai kuɗi ya faɗa da kansa, muka ga bai kamata a bar shi ba: a cikin Oktoba, tun kafin a yanke shinkafar, ya sayar wa masu injin casa buhu 50 daga cikin ɗarin da yake jira, a kan naira 62,000 kowanne, ya karɓi kafin alƙalami naira 1,000,000. Ya ce bai ambata musu gonar kowa ba, alkawarin shanshera kawai ya yi musu, ko da yake a ransa wannan yake nufi. Daga sittin ɗin nan ya cika musu.

A yanzu mafita huɗu ce a gabanmu, ba a amince da ko ɗaya ba. Manomi ya ce zai mayar da kuɗin buhu 40 a kan farashin ciniki, naira 1,800,000, cikin wata uku. Mai kuɗi ya ce in kuɗi za a mayar to a kan farashin kasuwa na ranar da aka kawo kaya, wanda dukansu suka yarda naira 68,000 ne, buhu 43 ya kama naira 2,924,000. Ko kuma, in ji shi, ya jira girbin rani a watan Mayu, amma a ƙara masa buhu 5 saboda jira. Wani dattijo a cikin masu sulhu ya kawo shawarar manomi ya biya da masara ko da gyararriyar shinkafa gwargwadon ƙima, tunda yana da masara a rumbu.

Tambayoyinmu, Allah ya gafarta Malam:

1. Shin cinikin ya inganta tun asali, ganin ba a biya kuɗin duka a zaman ba, wani sashe ya zo a taki bayan kwana 12, wani bayan kwana 37? In bai inganta ba, duka ne ya ɓaci ko sashen da aka jinkirta? Mene ne kuma matsayin buhu 60 da aka riga aka karɓa aka casa?

2. Kalmar "'yar gonata" ta ɗaure cinikin a kan wannan gona kaɗai, ko bayanin iri ce kawai? Manomi ya ce gonar yake nufi, mai kuɗi ya ce shi shinkafa ya saya ko daga ina ta fito. In bashi ne a wuyan manomi, wajibi ne ya sayo a kasuwa ya cika, ko ya miƙa abin da ya riƙe wa gidansa?

3. Da wane farashi za a lissafa takin?

4. Tunda ba a rubuta kilo ba, al'adar wa za a bi, ta bakin gona ko ta injin casa? Ragin naira 120,000 kuma wa zai ɗauka, bayan mai saye ya duba ya karɓa?

5. Cikin mafita huɗun nan wacce ta halatta, wacce ta shiga riba? Muna so Malam ya yi magana a kan kowacce daban, musamman ƙarin buhu 5 da musanya da masara.

6. Mene ne hukuncin sayar da buhu 50 kafin su shiga hannu, da ribar da aka samu a kai?

7. Akwai wani haƙƙi a kan mai kuɗi saboda aiki da injin jingina? Zakkar shinkafar kuma a kan wa take, a kan buhu nawa?

Dukansu mabiya mazhabar Malikiyya ne, muna roƙon amsa a kanta. In akwai wata mazhaba da ta sassauta a wani wuri kuma Malam yana ganin za a iya ɗauka don a raba rigima, muna so a nuna mana, tare da sunan littafi da babin da aka ciro hukuncin. Inda hukunci ya rataya a kan maganar da suka saɓa a kai, Malam ya faɗa mana yadda zai kasance in maganar wannan ce gaskiya, da yadda zai kasance in ta wancan ce, da wanda rantsuwa ta hau kansa.

Dalilin neman amsar a rubuce shi ne, an taɓa kai maganar wurin malamai biyu da baki, kowa ya je shi kaɗai, kowa ya dawo yana cewa an ba shi gaskiya. Yanzu sun yi alkawari a gabanmu za su bi abin da Malam ya rubuta, ba kuma wanda ya kai ƙara kotu. Mun haɗo kwafin takardar yarjejeniya, da shaidar tura kuɗi guda biyu, da rasidin taki, da takardar sikelin masu injin casa. In Malam yana son jin bakinsu, za mu kawo su tare duk ranar da ya sa. Muna fatan samun amsa kafin azumi ya kama, domin manomi ya fara aikin rani, yana buƙatar injinsa, yana kuma so ya san ko zai ware wani abu daga girbin da ke tafe.

Allah ya saka wa Malam da alheri, ya sa a mizani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga almajiranka,
shaidu biyu na wannan ciniki,
da amincewar mai kuɗi da manomi.