Wasiƙa Zuwa ga Mai Gida kan Kuɗin Gyaran Ɓarnar Ruwan Sama

14 ga Agusta, 2025

Ranka ya daɗe Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Kamar yadda ka ce in yi tunda tafiya ta hana ka zuwa, na ɗauki hotunan ɓarnar da iska da ruwan daren Asabar suka yi, na tura wa kafinta da magini da mai gyaran wuta. Su ne hotunan da na turo maka a waya jiya, kowanne da lambarsa. Babu wanda ya hau rufin a cikinsu, daga hoto kowa ya yi lissafinsa.

Babban aikin yana kan rufi. A hoto na 1 da na 2 za ka ga iska ta yaye kwanon da ke saman ɗakin kwana, ta lanƙwashe wasu, ƙusoshin sun fita da hulunansu. Kafinta ya ƙirga falle 8 da ba za su moru ba, a kan dubu 6 kowanne, dubu 48 ke nan. Katakon rafta guda 6 dubu 18, ƙusa dubu 7, kuɗin aikinsa dubu 25. Rufi kaɗai ya tashi dubu 98. Sai dai ya ja kunnena a kan katakon. Ka ƙara girman hoto na 3, ka dubi katakon da ke jikin bango: ya yi baƙi, kuma akwai layin jar ƙasa a jikinsa irin wanda gara ke bari. Ya ce in gara ce, ba lallai ta tsaya a guda 6 ɗin da hoto ya kama ba, kuma ba zai buga sabon kwano a kan katakon da ba ya riƙe ƙusa ba, don iska ta gaba za ta sake ɗauke shi. Ni ma ina ganin gaskiyarsa.

Silin ɗin ɗakin, a hoto na 4, ya sha ruwa ya yi ciki, na kusa da fanka ma ya fara rabuwa. Falle 5 dubu 25, ƙananan katako da aiki dubu 15, dubu 40 ke nan.

Tsagewar bangon falo tana hoto na 5, na sa tsinken ashana a ciki don a gane faɗinta. Magini ya ce in a filasta ta tsaya, buhun siminti 2 da yashi da aiki dubu 40 sun isa. In kuwa ta ratsa bulo, sai ya kankare ya gani kafin ya yanke magana. Mai gyaran wuta ya ce dubu 22 na canza soket biyu da wayar da ruwa ya bi. Tun daren na kashe wutar ɓangaren, domin bangon yana da danshi kuma akwai yara a gidan. Fenti dubu 30, amma wannan zai iya jira har bango ya bushe bayan damina.

Gaba ɗaya lissafin ya kama dubu 230, ko dubu 200 in an jinkirta fenti. Ina roƙon ka ɗauki wannan a matsayin mafi ƙarancin abin da za a kashe. Hoto bai nuna abin da ke tsakanin kwano da silin ba, kuma kuɗin kaya na iya motsawa kafin a saya. Ba na so in ce maka dubu 230 yau, gobe in dawo da wata magana, ka ga kamar an yi maka ƙari.

Shawarata, ka ba da izini kafinta ya hau ya duba cikin makon nan, ko ka turo wanda ka amince da shi su hau tare. A fara da rufi, domin duk ruwan da aka ƙara yi, silin da bango ne ke sha. Yanzu leda muka ɗaure a wurin, muka danne da bulo, iyali kuma a falo suke kwana.

Idan turo kuɗin zai yi wuya a yanzu, zan iya biyan na rufin daga aljihuna, a cire a kuɗin hayar da zan biya a watan Oktoba, in ajiye maka rasit na duk abin da aka saya. Ina so dai ka amince da hakan a rubuce, ko da saƙon waya ne, kafin in taɓa komai. Ina jiran amsarka kafin Juma'a mai zuwa.

Allah ya ƙara girma, ya dawo da kai lafiya.

Naka mai biyayya,
Sani, ɗan hayarka na sashen baya